Injin Ban-Ruwan Malam

Ina tankaɗen garin dawa a tsakar gida, da hantsi, aka yi sallama a zaure. Muryar wan mijina ce. Yaya ba ya zuwa gidanmu da hantsi, don lokacin yana gona, kuma in ya zo ba ya tsayawa a zaure, sallama ɗaya yake yi ya shigo yana tsokanar yara. Ran nan ya tsaya. Sai da na ce ya shigo sau biyu. A hannunsa akwai hular Malam, mijina, da wayarsa. Ya ajiye su a kan tabarma, ya gyara wa hular zama, sannan ya ce, "Sai haƙuri, maman yara. Ya faɗi a bakin fadama. Kafin mu kai shi asibiti rai ya yi halinsa."

Na tuna na ci gaba da riƙe rariyar. Ban tuna wanda ya karɓe ta daga hannuna ba.

An yi jana'iza bayan azahar. Gida ya cika kwana uku, ya ragu zuwa kwana bakwai, daga nan kowa ya koma ga sabgarsa, don lokacin kaka ne, amfanin gona na jiran mutane. Mahaifiyata ta ƙara mini mako guda ita ma ta tafi. Na rage ni da 'ya'yana mata biyu, da takaba ta wata huɗu da kwana goma a gabana. Yaran suna fita makarantar boko da safe, su dawo su ci abinci su tafi Islamiyya. Tsakanin fitarsu da dawowarsu babu mai magana a gidan. Ina jin babura suna wucewa a kan titi, ina jin masu tallan awara, ina jin maƙwabta suna daka. Ni kuwa ina zaune.

Wayar Malam tana wurina. Na san yadda ake buɗe ta, don bai taɓa ɓoye mini ba. A kwanakin farko ta yi ta ƙara, masu ta'aziyya da waɗanda ba su ji ba, Yaya ne yake amsawa. Daga baya ta yi shiru. Duk da haka ina sa mata caji kullum, in ajiye ta a kan taga inda yake ajiye ta. Ban san dalili ba. Na dai kasa barin ta ta mutu.

Kwana ashirin da wani abu da rasuwar, da safe bayan yara sun fita, wayar ta yi ƙara ɗaya. Saƙon murya ne a WhatsApp, daga lambar da babu suna. A samansa akwai hoton injin ban-ruwan Malam, wanda shi da kansa ya ɗauka a ƙofar ɗakin ajiyarmu, har gefen turmina ya fito a ciki. Na danna. Muryar dattijo ce, da iska tana kaɗawa a bayanta.

"Salamu alaikum, Malam. Daga Rawayau nike magana, ƙasar Kurfi. Wani ɗan'uwa ya turo mani hoton injin nan da lambarka. Shina nan, ko an saye?"

Ya kamata in faɗi yadda aka yi injin ya shiga kasuwa. Malam manomin rani ne. Shekara huɗu yana ban-ruwa da wannan injin a fadama, tumatir da albasa da ɗan tattasai. Da fetur ya yi tsada sai ya ƙudura zai sayar da shi ya cika kuɗi ya sayi mai aiki da hasken rana. Ya ɗauki hotonsa ya sa a zauren manoma na WhatsApp tun damina ba ta ƙare ba. Mutane suna tambaya, yana amsawa, ciniki bai faɗa ba har Allah ya karɓi abinsa. Hoton kuwa ya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya, babu wanda ya gaya masa mai shi ya rasu.

Na saurari saƙon dattijon sau uku. Abin da ya tsaya mini shi ne kalmar farko. Ya ce Malam, ya faɗe ta kamar yadda ake kiran mai rai. Kwana ashirin duk wanda ya ambace shi sai ya ce marigayi.

Na koma baya cikin wayar ina duba yadda Malam yake amsa wa masu tambaya. Ban taɓa buɗe saƙonninsa ba sai ran nan. Ba ya son rubutu, yatsunsa sun yi kauri da aiki, don haka duk da murya yake amsawa. Na danna na farko da na gani, sai ga shi a cikin ɗakin.

"Wa alaikumus salam. Yana nan. Inci uku ne, na fetur, shekara huɗu a hannuna. Yana tashi a ja ɗaya ko biyu, ba ya shan baƙin mai. Igiyar tayarwa ba ta asali ba ce, na canza. Akwai mesa biyu, ta tsotso da ta fitar da ruwa, duk lafiya. Dubu saba'in. Yana gida, Dutsin-Ma. Ka zo ka gani da idonka, a tayar maka."

Daƙiƙa ashirin da shida. A ƙarshe, kafin ya saki yatsa, ana jin muryata daga nesa ina kiran ƙaramar 'yarmu ta zo ta ɗauke kwano.

Haka yake amsa wa kowa. Ko mutum ya riga ya ga hoton da bayanin, sai ya sake jero masa komai, girma da shekaru da aibi da kuɗi da wuri. Na taɓa ce masa, "Malam, mutum ya ce yana nan? Ka ce yana nan mana, ba sai ka yi masa huɗuba ba." Ya ce mini mai tambaya daga nesa yake, zai hau babur ya ƙona mai saboda maganar da aka gaya masa, bai kamata ya iso ya tarar da wani abu dabam ba. Kuma aibin kaya, in ji shi, bakin mai kaya ya kamata ya fara faɗa.

Na yi niyyar rubuta wa dattijon cewa mai injin ya rasu. Har na fara. Na rubuta "Sai haƙuri", na tsaya ina kallon kalmomin, su ne Yaya ya fara faɗa mini. Na goge. Sai na koma kan muryar Malam, na danne ta da yatsa, na tura wa mutumin Rawayau.

Ba don kuɗi na yi ba, Allah ya sani. Ban ma yi tunanin injin ba. So nake a ce akwai mutum ɗaya a duniya da Malam ya yi wa magana yau da safe.

Amsar ba ta zo ba sai washegari da rana.

"Madalla, Malam, na ji bayani. Wallahi ka burge ni, har igiya ka faɗa. Mu nan sabis sai an hau tudu ko an shiga Kurfi, shi ya sa ka ji ni shiru. Na yi rijiya a fadama bana, irin tumatir na nan ya kusa dashe, injin kaɗai ya rage. Amma Malam dubu saba'in, ai sai ka sa in sayar da rago har da igiyarshi. A duba mani."

Ya yi dariya a ƙarshe. Ni ma na yi, ni kaɗai a ɗaki, karo na farko tun ranar rariya. Na san abin da Malam zai ce, zai ce a bar wa ragon igiyarsa a kawo kuɗin. Ban amsa ba. Na dai yi ta saurare, muryarsa sannan muryar dattijon, kamar hira ce ina jin ta daga bayan katanga. Kwana biyu na yi a haka. Ina gama shara in zauna in saurara. Ban gaya wa kowa ba.

A rana ta uku wani saƙon ya shigo.

"Malam, na ji ka shiru, na san ka tsaya kan maganarka ke nan. To shi ke nan. Na kai ragon kasuwa an saye. Jibi, ranar kasuwarku, ina tafe da safe in Allah ya so. Ɗan'uwan nan nawa ya yi mani kwatancen unguwarku. Don Allah kada a ba wani."

Rago ya tafi saboda abin da na tura.

Na ɗauki makulli na buɗe ɗakin ajiya, wanda ban shiga ba tun rasuwar. Injin yana nan a kusurwa, an rufe shi da buhu. Mesar tsotso, mai tauri, tana rataye a ƙusa. Na nemi ta fitar da ruwa, mai laushin nan da ake naɗewa, na same ta a bayan buhunan taki. Naɗin ya yi ƙanƙanta. Na warware ta a tsakar gida, ba ta kai rabin yadda na san ta ba, kuma bakinta yankan wuƙa ne.

Na koma cikin wayar, wannan karon na duba kwanan wata. Muryar da na tura tsohuwa ce, ta farkon lokacin da ya sa injin a kasuwa. Akwai wata ta baya, wadda ya aika wa wani mutumin Kutawa mako biyu kafin rasuwarsa.

"Yana nan. Inci uku, na fetur, shekara huɗu. Amma ka sani, mesar fitar da ruwa ta fashe a tsakiya, na yanke, saura rabi, sai ka sayi ƙari. Kuma kwanan nan yana ɗan ɗigar da ruwa ta ƙasa, robar ciki ce ta gaji, mai gyara ya ce ƙaramin aiki ne, amma ban gyara ba. Saboda haka na sauko, dubu sittin da biyu. Yana gida, Dutsin-Ma."

Na zauna a bakin ƙofar ɗakin ajiya da wayar a cinyata. Mutumin da bai taɓa ɓoye aibin kaya ba yana da rai, ni na sa ya ɓoye bayan ya mutu. Da muryarsa. Ya ce wa dattijo mesa biyu duk lafiya, ya ce dubu saba'in, kuma ba shi da bakin da zai gyara.

Da la'asar Yaya ya biyo, kamar yadda yake yi duk bayan kwana biyu, ya kawo mana gero. Ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno a bakin zaure, ni ina daga ciki. Ban iya gaya masa duka ba. Na ce, "Yaya, in wani ya zo sayen injin Malam fa?"

"Wane injin? Na ban-ruwa?" Ya girgiza kai. "Ai yanzu ba na Malam ba ne, maman yara. Tun ranar da ya rasu ya zama na magada. Ke kina da tumuninki a ciki, Inna mahaifiyarmu tana da nata, yaran nan su ne da kaso mafi yawa, mu ma 'yan'uwansa akwai ɗan abin da ya rage mana. Ko allura ba a ɗagawa sai malamai sun zauna an yi wa komai kuɗi an raba. Kayan marayu ne. Ni ba zan taɓa ba, ke ma ba za ki taɓa ba. Wani ya yi magana ne?"

Na ce, "Tambaya dai ake yi a waya."

"Ki ce masu mai shi ya rasu. Shi ke nan ai."

Na san wannan hukuncin tun ina Islamiyya. Ban dai taɓa haɗa shi da injin da ke ɗakin ajiyata ba, wanda nake goge wa ƙura, wanda na san ƙararsa kamar tarin mai shi.

Yana fita na zauna na rubuta amsar da ya kamata in rubuta tun ranar farko. Na daɗe a kanta, don karatuna bai yi nisa ba, kuma ina so kowace kalma ta zama gaskiya. Har yanzu tana cikin wayar.

"Salamu alaikum Baba. Matar mai injin ce. Allah ya yi masa rasuwa kwana ashirin da bakwai ke nan. Muryar da ka ji tsohuwa ce, ni na turo, ka yafe mini. Injin yana nan amma ya shiga gado, ba za a sayar ba sai an raba. Inci uku ne, na fetur. Mesar fitar da ruwa saura rabi, kuma yana ɗigar da ruwa ta ƙasa. Kuɗin da ya faɗa na ƙarshe dubu sittin da biyu ne. Don Allah kada ka taso."

Na aika. Alama ɗaya ta fito a gefen saƙon, wato ya bar wayata amma bai isa tasa ba. Na kira lambar, aka ce ba a samunta. Na sake kira bayan magariba, haka. Washegari na yini ina duba wayar, in ɗora tukunya in duba, in yi alwala in duba. Alama ɗaya. Dattijon bai hau tudu ba, bai shiga Kurfi ba. Yana can yana shirin tafiya.

Ranar kasuwa da hantsi na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka kashe shi. Aka yi sallama da muryar da na riga na haddace.

"Salamu alaikum! Malam na ciki? A ce mutumin Rawayau ne, mai rago."

Na sa hijabi na tsaya a bayan ƙyauren da ya raba zaure da tsakar gida. Na amsa sallama. Na ce ya shigo zaure ya zauna, akwai tabarma. Na kira Yaya a waya na ce ya zo yanzu, akwai baƙo. Gidansa ba nisa, kuma ranar kasuwa ba ya zuwa gona.

Ta tsagar ƙyaure ina ganin ƙafafun baƙon, da takalmin roba, da igiyar roba da ya zo da ita ta ɗaure kaya a babur. Ya ajiye ta a gefensa a naɗe.

"Malam ya fita ne, Hajiya?"

Na ce, "Baba, ba ka buɗe wayarka ba?"

"Wayar? Tana aljihu, caji ya ƙare tun jiya. Lafiya dai?"

Kafin in amsa Yaya ya shigo. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da hanya. Sannan baƙon ya faɗi abin da ya kawo shi. Yaya ya ce, "Allah sarki. Ai ƙanena ne mai injin. Ya rasu, yau kusan wata guda."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Dattijon ya maimaita sau biyu. Sai ya ce, a hankali, "To amma Alhaji, wata guda? Ni da na ji muryarshi cikin makon nan? Da kunnena. Ya ce mani shina nan, in zo in gani."

Na ga ƙafar Yaya ta juyo wajen ƙyaure.

Na ce, "Ni ce, Yaya. Tsohon saƙonsa ne na tura."

"Ke? Don me?"

Yaya ya ce, "Shekaranjiya fa na zauna a nan na gaya maki hukuncin kayan nan."

"Na riga na tura kafin nan. Na aika masa gyara, bai shiga ba."

"Kin san bawan Allah nan daga ina ya taso? Kin san hanyar nan yadda take yanzu, mutum ba ya bin ta sai dole? In mutane suka ji, cewa za su yi kin so ki sayar da kayan marayu a ɓoye. Ko su ce mu muka sa ki."

"Ba kuɗin nake so ba."

"To me kike so?"

Dattijon ne ya amsa masa. Ya ce, "Alhaji, bar ta. Bar ta haka nan." Ya gyara zama. "Tsohuwata, uwar 'ya'yana, shekara uku ke nan da rasuwa. Kwanon da take zuba mani fura har yau ban bari an ba kowa ba. Jikoki na ta yi mani tsiya, wai kwanon ma ya gaji da ni."

Ni kuwa na jingina goshina da ƙyauren.

Na ce, "Baba, akwai abin da ya fi wannan. Abin da ka ji a muryar ba haka yake ba yanzu. Mesar fitar da ruwa saura rabi. Injin yana ɗiga ta ƙasa. Kuma ya rage kuɗin zuwa dubu sittin da biyu. Shi ya faɗa wa wani duk wannan kafin ya rasu, ni ce na ɗauko tsohon saƙo. Kada ka riƙe shi da maganar da ba tasa ba."

"Af," in ji shi. "Ashe ma ya yi mani ragi ban sani ba. Allah ya jiƙan Malam."

Ya roƙi a nuna masa injin, tunda ya zo. Yaya ya shiga ya ɗauko shi ya kawo zaure. Ina kallo ta tsaga. Dattijon ya durƙusa ya zagaye shi da hannu, ya ciro ma'aunin baƙin mai ya duba, ya shafa ƙasan inda ruwa ke ɗiga. Yaya ya ce ko a tayar masa, ya ce a'a, ba a tayar da shi babu ruwa a cikinsa, robar da ta gaji za ta ƙarasa ƙonewa. Ya buɗe murfin tanki ya sunsuna.

"Akwai sauran fetur. In ya daɗe haka zai daskare ya toshe kafireta, ranar da za a raba gadon sai a yi mashi kuɗin gwangwan. A ba ni kwalba."

Na miƙa kwalba ta gefen ƙyaure. Ya zare siririn tiyon mai ya tsiyaye tankin, ya kwance ɗan ƙusan ƙasan kafireta da makullin babur ɗinsa, sauran ya zubo. Ya mayar da komai ya ɗaure. Ya ce a ɗora shi a kan katako, kada a bar shi a ƙasa. Warin fetur ya cika zauren, warin da rigunan Malam suke yi in ya dawo daga fadama.

Yaya ya ce, "Baba, da nawa ne da na ba ka aro ka yi dashenka. Amma ka san kayan marayu."

"Ko ka ba ni ba ni amsa. Ni ma na riƙe marayu."

"To yanzu ya za ka yi da irin?"

"Zan leƙa kasuwa. In kuɗin ragon sun kai wani, to. In ba su kai ba sai in bi layin haya, wurin maƙwabcina, ranar da ya gama nashi." Ya ɗauki igiyar robar da ya zo da ita ya rataya a wuya. "Ragon dai ya tafi, ba ya dawowa. Dama ya cika cin dusa."

Na kawo masa ruwa da fura na tura ta ƙasan ƙyaure. Ya sha ruwan, ya ce furar a bar wa yara. Yaya ya ciro kuɗin mai zai ba shi, ya ƙi. Ya ɗaga hannu ya yi wa Malam addu'a mai tsawo, muka shafa. Da zai fita ya juyo wajen ƙyauren ya ce, "Hajiya, in an raba, wanda injin ya faɗo a rabonshi in zai sayar, a tuna da ni. Na ga injin. An riƙe shi da kyau."

Da yamma na duba wayar, saƙona ya sami alama biyu. Ya sa caji a kasuwa ke nan. Bai ce komai a kansa ba.

Sai bayan kusan wata biyu ya aiko da murya. Ya ce bai sami injin ba ran nan, sababbi sun fi ƙarfinsa, tsofaffin kuma bai yarda da su ba. Haya ya yi, kuma ruwa bai zo masa a kan kari ba, irin ya tsufa kafin a dasa, rabin abin da ya yi niyya kawai ya shuka. Bai faɗa da zargi ba, labari ya ba ni kamar yadda ake ba ɗan'uwa. Ya ce a gaida yara. Na rubuta masa cewa na gode, Allah ya mayar masa da alheri, ya sake yafe mini. Wannan rabin gonar da bai shuka ba ina tuna ta fiye da yadda zai zata.

Tun ranar ban sake tura muryar Malam ga kowa ba. Mutum uku sun ƙara tambaya, don hoton bai daina yawo ba. Kowanne na rubuta masa da hannuna cewa injin yana nan, mai shi ya rasu, ya shiga gado, sannan in jero sauran, inci uku, na fetur, mesa ɗaya da rabi, yana ɗiga ta ƙasa. Ko da ba za a sayar ba sai na jero. Ina sauraren muryar ni kaɗai, wani lokaci, in yara sun fita. Ta biyun na fi saurare, wadda ya faɗi aibin.

Na fita takaba. Damina ta zo ta wuce. An zauna maganar gado sau biyu, ba a gama ba, saboda gonar fadama tana haɗe da ta Yaya da ta ƙaninsu da ke aiki a kudu, kuma an ce sai ya zo an auna a gabansa. Ya ce da Sallah, Sallah ta wuce, ya ce da kaka.

Makon jiya, da safe, wayar ta yi ƙara ɗaya a kan taga.

"Salamu alaikum, Hajiya. Mutumin Rawayau ne. Ya yara? Rani ya matso, na ce bari in tambaya. Shina nan?"

Na shiga ɗakin ajiya na ɗaga buhun na duba, don kada in faɗi abin da ban gani ba. Yana kan katakonsa. Mesar tsotso ta fara tsagewa a baki ɗaya, na ƙara wannan a cikin amsar. Na rubuta girmansa da shekarunsa da inda yake. Da na zo kan kuɗi da ranar da zai zo sai na tsaya, na rubuta masa cewa kada ya jira mu bana, kada ya sayar da komai saboda mu. Na aika, alama ɗaya ta fito.

Injin yana nan. Har yau ba a raba gadon ba.